Darasi na Bakwai: Takardar Kuɗin Intanet ta Farko

Yawancinmu kati muke sa wa waya. Idan kuɗi ya ƙare, layi ya tsaya, babu mai bin mu bashi. Amma wanda ya sa aka jawo masa intanet gida ko shago, ko ya karɓi layin da ake biya wata-wata, takardar kuɗi ake aiko masa, wadda mutane ke kira bil. Takan zo ta imel ko ta saƙon waya, kuma da Turanci take zuwa. Ta farkon ita ce ta fi tayar da hankali, domin kusan kullum kuɗin da ke cikinta ya fi wanda aka gani a talla. A wannan darasi za mu karanta guda ɗaya tare, layi bayan layi.

Ga misalinmu. Kuɗaɗen da ke ciki na koyo ne kawai, kowane kamfani da nasa farashin. Wani mai shagon buga takardu ya ga talla: intanet na wata guda, naira 30,000. Ya kira, aka zo aka haɗa masa ranar 21 ga Satumba. Da takarda ta iso, sai ya ga an rubuta naira 64,500 a ƙasa. Ya ninka abin da ya shirya har da ɗori.

Kada ku fara da lambar ƙasa. Ku fara daga sama. Ku duba sunanku da lambar asusunku, ku tabbatar takardar taku ce. Daga nan ku nemi inda aka rubuta Billing period, wato kwanakin da ake neman kuɗinsu. A takardar mai shagon nan an rubuta daga 21 ga Satumba zuwa 31 ga Oktoba. Idan kun ƙirga za ku ga ba wata ɗaya ba ne, wata ɗaya ne da kwana 10. Yawancin ruɗanin takardar farko daga nan yake tasowa.

Kamfanoni da dama suna da ranar da suke fara lissafi, misali 1 ga kowane wata. Wanda ya shigo a tsakiyar wata sai a yanka masa kuɗin kwanakin da suka rage. Layin da ke nuna wannan yakan ɗauki kalmar Pro-rata. Lissafinsa ba wuya. Satumba kwana 30 ne. Idan aka raba naira 30,000 gida 30, kowace rana ta tashi a naira 1,000. Daga 21 zuwa 30 ga wata, idan aka haɗa da ranar 21 ɗin kanta, kwana 10 ke nan. Kuɗinsu naira 10,000.

A ƙarƙashinsa akwai kuɗin Oktoba cikakke, naira 30,000. Mai shagon zai iya cewa ai Oktoba bai ko shigo ba. Gaskiya ne, amma irin wannan kuɗi kamar kuɗin hayar shago yake, kafin a zauna ake biya. Wannan layin kaɗai ne farashin da aka gani a talla.

Layi na uku shi ne Installation fee, kuɗin haɗawa: ladan masu aikin da suka jawo waya suka kafa na'ura. A misalinmu naira 20,000 ne. Wani kamfanin yakan raba kuɗin na'urar daban. Sau ɗaya ake biyan wannan, bai kamata ya sake fitowa a takarda ta biyu ba. A tallace-tallace da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi can ƙasa, ko a ce sai an cika sharuɗɗa. A ganina wannan ba adalci ba ne ga wanda karatu bai zauna masa ba, shi ya sa ya kamata a tambaya baki da baki kafin a sa hannu: "Nawa zan biya gaba ɗaya a watan farko, har da haɗawa da haraji?"

Yanzu mu tara: 10,000 da 30,000 da 20,000 sun zama naira 60,000. Saura naira 4,500. Wannan haraji ne, layinsa yana ɗauke da haruffa uku, VAT. Ba aljihun kamfani yake shiga ba, kamfani yana karɓa ne ya miƙa wa gwamnati. A Najeriya, tun watan Fabrairun 2020, harajin nan kashi bakwai da rabi ne cikin ɗari. Hanya mai sauƙi ta tuna shi ita ce, a kowace naira 1,000 ana ɗora naira 75. A cikin 60,000 akwai dubu sau 60. Idan aka ninka 75 sau 60, an sami 4,500. Haɗa shi da 60,000, ga naira 64,500 ta fito daidai. Ba a cuci mai shagon ba.

Wasu kamfanonin sukan riga su saka harajin a cikin farashin talla. Idan kun ga VAT inclusive, haraji yana ciki, bai kamata a sake ɗora shi ba. Idan VAT exclusive ne, za a ɗora a kai.

Abin da ya fi amfani ga mai shago shi ne sanin nawa zai riƙa warewa kowane wata daga yanzu. Sai ya ɗauki alƙalami ya soke duk abin da ake biya sau ɗaya, wato kwanaki 10 na Satumba da kuɗin haɗawa. Abin da ya rage naira 30,000 ne. Harajinta 75 sau 30, wato naira 2,250. Takardarsa ta Nuwamba ya kamata ta zo da naira 32,250. Idan ta wuce haka, akwai abin tambaya.

Kuskure ma yana faruwa, kuma wurare biyu ne ya fi ɓuya a takardar farko. Na ɗaya, ranar fara lissafi. Idan an zo an kafa na'ura ranar 21, amma intanet ɗin bai fara aiki ba sai ranar 24, kwana 7 ne kuka amfana, ba 10 ba, kuma kuna da hujjar neman a cire muku naira 3,000 da harajinta. Don haka ku rubuta ranar da ya fara aiki a littafinku. Na biyu, kuɗin haɗawa da aka riga aka biya a hannun masu aiki ranar da suka zo, sai ga shi ya sake fitowa a takarda. Nan rasit ne kawai zai raba gardama, ko shaidar tura kuɗi ta banki. Kada ku ba da kuɗi a hannu babu takarda, ko da mai aikin ya nuna kirki.

Idan kun ga abin da bai yi daidai ba, kamfanin za ku fara kira. Ku faɗi lambar asusunku da layin da kuke ja a kansa, ku nemi a ba ku lambar ƙorafi, ku rubuta ta. Idan ba su gyara ba, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, tana da layin ƙorafi kyauta, 622, kuma za su tambaye ku wannan lambar ƙorafin. Kada ku manta da layin Due date, wato ranar ƙarshe ta biya. Ku kai kukanku kafin ranar ta yi, domin idan ta wuce ana iya yanke layin.

Aikin aji: wata mai sayar da atamfa ta karɓi tsari na naira 15,000 a wata, ba da haraji a ciki ba. An haɗa mata ranar 16 ga Yuni, kuma Yuni kwana 30 ne. Kuɗin haɗawa naira 10,000, sannan ana biyan watan Yuli tun kafin ya shigo. Ku zauna biyu-biyu ku fitar da kuɗin kowace rana, da na kwanakin Yuni da suka rage, da harajin da za a ɗora. Nawa ne takardarta ta farko, kuma nawa za ta riƙa biya daga Agusta?