Yadda za ka gane ranar da za a cire maka kuɗin rajista idan ka fara biya ranar 31

Wani maƙwabcina a nan Jidda ya yi rajistar wata-wata ta riyal 40 ranar 31 ga Janairu, ya sa a ransa sai 31 ga wata za a sake taɓa katinsa. Ranar 28 ga Fabrairu aka nemi cire kuɗin, albashinsa bai shigo ba, asusun babu komai, aka dakatar da shi. Ba cutarsa aka yi ba. Fabrairu ba ta da 31, haka ma Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba, dole kamfani ya nemo wata rana.

Da farko ka ajiye lissafin Hijiriyya gefe, domin irin wannan rajista da kalandar Miladiyya ake lissafa ta. Sai ka buɗe rasidin farko ka duba abin da aka sayar maka: wata ɗaya ne, ko kwana 30? Idan kwana 30 ne, ƙirga kwanaki kawai za ka yi. Daga 31 ga Janairu za ka faɗa 2 ga Maris, sannan 1 ga Afrilu, in dai Fabrairun mai kwana 28 ce.

Idan kuwa wata ɗaya aka rubuta, yawanci za a cire kuɗin a ranar ƙarshe ta gajeren watan, wato 28 ga Fabrairu, ko 29 a shekara irin 2028. Daga nan ne kamfanoni suke rabuwa gida biyu. Wasu suna riƙe da ranar da ka fara, don haka za ka ga 31 ga Maris, 30 ga Afrilu, 31 ga Mayu. Wasu kuma daga ranar biyan da ya wuce suke ƙirga wata guda. Da zarar sun sauko 28 ba sa komawa: 28 ga Maris, 28 ga Afrilu, haka har ka soke.

Gane naka ba wuya. Bayan biyan Fabrairu, ka shiga shafin rajistarka ka karanta ranar biya ta gaba. In ka ga 31 ga Maris, naka mai komawa ne, in ka ga 28, ya zauna ke nan. Ni dai na fi amincewa da wannan shafin a kan lissafin da nake yi da ka.

Mai karɓar albashi 27 ga wata, kamar ma'aikatan gwamnatin Saudiyya, ba shi da matsala. Wanda kafili ke biyansa 1 ga wata ko bayan haka shi ne abin ke kamawa. In kai ne, ka kashe sabuntawar, ka bari kwanakin da ka biya su ƙare, sannan ka sake rajista ranar 5 ko wata ranar da ba ta wuce 28 ba, tunda babu watan da ya rasa ta. Kafin ka soke, ka duba ko za ka rasa tsohon farashinka.