Darasi: Karanta Wasiƙarka da Babbar Murya Kafin Ka Aika

Idan kuna magana baki da baki da mutum, muryarka da fuskarka suna tausasa kalamanka. Takarda kuwa ba ta da murya, ba ta da fuska. Shi ya sa abin da ka rubuta da zuciya ɗaya yakan isa wurin mai karatu kamar faɗa. Ido ba ya cika gano wannan, sai kunne.

A ce ka ranta wa abokinka kuɗi, ranar biya ta wuce da mako biyu, ka zauna ka rubuta masa. Ajiye takardar tukuna har ranka ya kwanta. Sannan ka ɗauko ta, ka ƙaddara yana zaune a gabanka, ka karanta a hankali.

"Kai ba ka cika alkawari. Kullum haka kake. Turo min kuɗina yau." Ka ji yadda muryarka ta ɗaga da kanta? Wannan kaushi ne. Yakan ɓuya a cikin "kai", "kullum" da "ba ka taɓa", domin suna sukar halin mutum, su bar maganar bashin.

"Ana tunatar da kai cewa wa'adi ya wuce. A biya." Nan babu zagi, amma muryar ta fito kamar ta mai sanarwa. Ba gaisuwa, ba "ni", sai "ana" da "a". Aboki zai ji kamar ba ka san shi ba.

Laushin da ya yi yawa ya fi wuyar ganewa, don mai shi yana ɗauka ladabi ne. "Don Allah ka yi haƙuri, ba wai ina matsa maka ba ne, idan da hali, in kuma babu ba komai..." Numfashinka zai ƙare ba ka kai ga buƙatar ba. Karanta wa wani, ka tambaye shi: me ake so a yi, kuma yaushe? In ya kasa amsawa, ban-haƙurin ya cinye saƙon.

Yanzu saurari wannan: "Bayan gaisuwa, ina tuna maka kuɗin nan da muka yi za ka biya farkon wata. Ina da buƙatarsu ranar 20 ga wata. Idan da matsala, sanar da ni mu san yadda za a yi."

Sai dai a kula. Mai rubutu yakan yi wa kansa alfarma, ya sa taushin da babu shi a takarda. Don haka ka sake karantawa ba hawa ba sauka, ko ka ba wani ya karanta kai kana saurare. Duk inda ka ji kana so ka ce "ai ba haka nake nufi ba", ja layi a ƙarƙashin wurin, shi za ka gyara.

Aikin gida: rubuta wa maƙwabcinka layi huɗu kan ƙarar da ke hana ka barci, ka zo da su a karanta a aji.