Darasi: Idan mai saye ya ce wake ya fi araha a wajen wani

Duk wanda ya taɓa zama a bayan tiya a babbar kasuwar Maraɗi, ko a kasuwar Tibiri ko ta Madarunfa, ya san wannan magana: “Ai can gaba an sallama mini ƙasa da haka.” Mai kaya da yawa, da zarar ya ji ta, sai gabansa ya faɗi, ya rage kuɗi tun mai saye bai rufe baki ba. Wannan darasi zai nuna abin da ya kamata mai kaya ya yi tsakanin jin maganar da ba da amsa, kuma za mu bi misali ɗaya na mai sayar da wake daga farko har ƙarshe. Kuɗin da za a ambata na misali ne, domin farashin wake yana sauka da kaka, yana hawa da bazara da damina, kowa sai ya sa na ranar da yake ciki.

Lissafin da ake yi tun a gida

Mu ɗauka wani ɗan tireda ya sari buhun wake a kasuwar ƙauye a kan jaka 20. Kuɗin mota, da na ɗan dako, da na kasuwa, da ladan yaran da suka sheƙe waken suka tsince tsakuwa, duka sun tashi jaka 2. Ke nan buhun ya tsaya masa a kan jaka 22. Da ya auna bayan tsinta ya sami tiya 40. Tun da jaka ɗaya dala 200 ce, jaka 22 ta zama dala 4400, kuma idan aka raba wannan gida 40, kowace tiya ta tsaya a kan dala 110. Wannan ita ce uwar kuɗi, kuma duk tiyar da ta fita ƙasa da haka faɗuwa ce, ko da hannu ya cika da kuɗi.

Yana sayar da tiya dala 130, wato sefa 650, ribarsa a kowace tiya dala 20, a buhu kuma jaka 4. Sai wata mai ƙosai ta zo ta ce an sallama mata dala 120 a wata rumfa. A kunne, ragin dala goma ba wani abu ba ne, domin ko kwatan kwatan kuɗin tiya bai wuce da yawa ba. Amma ragi ba daga uwar kuɗi yake fita ba, daga riba yake fita. Dala goma daga cikin dala ashirin rabin riba ce cif. Idan ya sayar da buhun duka a haka, jaka 2 zai samu a maimakon jaka 4, kuma sai ya sayar da buhu biyu, da dakonsu da tsintarsu, kafin ya sami abin da buhu ɗaya yake ba shi a da. Wanda ya riƙe wannan lissafi a kansa ba ya gaggawar cewa “kawo kuɗi”.

A tambaya kafin a amsa

Maganar “can ya fi araha” ba ma’ana ɗaya take da ita ba. Wani mai saye gwaji kawai yake yi, bai je ko’ina ba, yana son ya ga ko mai kaya zai girgiza. Wani ya je, ya kuma faɗi gaskiya, sai dai kayan da ya gani ba irin waɗannan ba ne. Wani kuɗinsa ne bai kai ba, kunya ta hana shi faɗi. Akwai kuma lokacin da kayan iri ɗaya ne, kuma da gaske sun fi araha a can. Kowanne da amsarsa, kuma ba a gane su sai da tambaya.

Ba a ƙaryata mai saye, domin wanda aka ce masa “ba haka ba ne” a gaban mutane zai tafi ko da yana son kayan. Abin da ya dace shi ne a amshi maganar da fara’a, sannan a nemi bayani. Ga yadda ɗan tiredanmu ya yi:

“Hajiya, na ji, kuma ba na musu. Wane irin wake ne suka nuna miki, fari manya irin wannan ko ƙanana?”

“Fari ne, Malam, sai dai bai kai wannan girma ba.”

“An tsince shi, ko yadda ya fito daga buhu yake? Kin kuma ga tiyar da suke awo da ita?”

“Ban duba tiyar ba. Waken dai akwai ɗan huji, amma ba da yawa ba.”

A lura cewa har yanzu bai ambaci kuɗi ba, bai kuma kushe kowa ba, amma Hajiya da bakinta ta faɗi bambanci biyu. Mai gwaji kuwa a nan yake bayyana, domin idan aka tambaye shi irin waken sai ya yi ta kame-kame, ko ya yi dariya ya ce a dai yi masa ragi. Akwai wata alama da ta fi duka: mutumin da ya sami kaya iri ɗaya da araha a can, me ya dawo da shi nan? Tsayuwarsa a gaban rumfarka tana nuna akwai abin da ya gani a kayanka, ko kuma akwai abin da bai kwanta masa a rai ba game da na can.

A nuna bambanci a hannu

Cewa “nawa ya fi kyau” ba ta sayar da kaya, domin kowa haka yake faɗi. Ɗan tiredan ya ɗebi wake daga tsakiyar buhu, ba daga sama ba, ya zuba mata a tafin hannu, ya ce ta nemi mai huji ɗaya. Ya ce ta ciza ƙwaya ta ji yadda take fashewa ƙaras, alamar ya bushe sarai, ta kuma sunsuna ta ji ko akwai warin magani. Ya gaya mata cewa a buhu mai leda biyu a ciki ya adana shi, irin wanda ba ya shan iska, shi ya sa ƙwari ba su ci ba kuma ba a zuba masa magani ba. Daga nan ya cika tiyarsa a gabanta har wake ya tasa sama, bai shafe bakin ba.

Sannan ya juya maganar zuwa sana’arta, wanda shi ne mafi muhimmanci. Mai ƙosai ta san cewa idan ta jiƙa wake domin surfe, mai huji yakan taso saman ruwa a zubar, tsakuwa kuma sai an rege ta, in ba haka ba ta shiga markaɗe. Ya ce mata: “Hajiya, mu ce kin sayi tiya goma a can a kan dala 120, kin biya dala 1200. Idan huji da tsakuwa da ƙaiƙayi suka cinye tiya ɗaya, tara ce ta shiga tukunyarki. Raba 1200 gida tara, kowace tiya ta haura dala 133. Nawa dala 130 ne, kuma duka za ki markaɗa.” Wannan lissafi yana aiki ne kawai idan gaskiya ne. Wanda wakensa ma yake da huji kada ya yi shi, domin gobe da safe kwanon jiƙo zai tona masa asiri, kuma mai ƙosai ba ita kaɗai za ta sani ba.

Haka nan ba a zagin maƙwabci. A kasuwa irin tamu, wanda ka kushe yau a wurinsa za ka aro canji gobe, kuma mai saye da ya ji kana ɓata wani yakan fara shakkar ka. Ka faɗi abin da ke cikin buhunka, ka bar na can ga idon mai saye.

Idan za a ba da wani abu, a karɓi wani abu

Bayan duk wannan, Hajiya ta ce ta yarda waken ya fi, amma a taimaka mata. Ɗan tiredan ya ce “albarka” ga tayin dala 120, sannan ya yi shiru kaɗan ya bar ta ta yi tunani. Da yawa a nan suke faɗuwa, domin shiru yana yi musu nauyi sai su cike shi da ragi.

Da ta ci gaba da tsayuwa, sai ya ce: “Idan tiya biyu ce, kuɗinta ke nan. Amma idan za ki ɗauki tiya 20, kuɗi hannu, zan bar miki a dala 125, yarona kuma ya kai miki bakin titi.” A nan ribarsa dala 15 ce sau 20, wato dala 300 a ciniki ɗaya, rabin buhu ya fita, kuma kuɗinsa sun dawo da zai sake sari ran kasuwa mai zuwa. Ragin da aka ɗaura da sharaɗi yana da dalili, kuma idan wani ya zo gobe yana neman tiya ɗaya a dala 125 akwai amsar da za a ba shi. Ragin da aka yi kyauta kuwa shi yake zama sabon farashi, domin mai saye ba ya komawa sama, kuma zai gaya wa na kusa da shi.

Gyara ma hanya ce, kuma sau da yawa ta fi ragi daɗin rai, amma a sani ita ma kuɗi ce. Cikin hannu ɗaya a kan ciniki babba ba komai, amma cikin hannu a kan kowace tiya yana iya cinye tiya guda ko fiye kafin buhu ya ƙare. Wanda aka gane kuɗinsa ne ya gaza, sai a auna masa daidai abin da ke hannunsa, rabin tiya ko abin da ya samu, ba tare da an kunyata shi ba.

Lokacin da maganar gaskiya ce

Wani lokaci maƙwabci ya sari wakensa tun kaka da araha ya adana, kai kuwa jiya ka saro da tsada, don haka yana iya sayarwa dala 120 ya ci riba. Idan mutane daban-daban, waɗanda ba tare suka zo ba, suka faɗi farashi ɗaya a yini ɗaya, to ba gwaji ba ne. Ka aiki yaro ya sayo tiya ɗaya, ka juye ta a taka tiyar, ka duba waken. Idan komai daidai yake, kasuwa ce ta sauka, kuma sai ka zauna da yamma ka sake lissafi: ko ka sauko ga kowa da kowa muddin kana sama da dala 110, ko ka riƙe waken idan yana cikin buhun da ƙwari ba za su shiga ba, ko ka canza wurin sari. Wannan shawara a natse ake yanke ta, ba a gaban mai saye ɗaya da ke matsa maka ba. Shi kuwa wanda ya kafe a kan tayin da ya kusa uwar kuɗi, a ce masa: “Alhaji, albarka. Je ka gani, in bai yi maka ba ina nan.” A sallame shi da fuska sake, domin ya ji daɗin dawowa.

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya rubuta abu ɗaya da yake sayarwa, da kuɗin sari, da duk abin da ya kashe kafin kayan su iso gabansa, sannan ya fitar da uwar kuɗin tiya ɗaya, ko kwalba ɗaya, ko ƙulli ɗaya.

An sari buhun gero jaka 24, an kashe masa jaka 2, an sami tiya 40, ana sayar da tiya dala 150. Nawa ce uwar kuɗin tiya, nawa ce riba, kuma idan aka rage dala 5 a kowace tiya, nawa za a rasa a buhu?

Ɗalibai su zauna biyu-biyu, ɗaya mai kaya, ɗaya mai saye da ke cewa can ya fi araha. Mai kaya ya yi tambaya uku kafin ya ambaci kuɗi, sannan su yi musanya.