Yadda za ka ƙi gayyatar aboki ba tare da ka ɓata masa rai ba

A ce abokinka zai ɗaura aure ranar Asabar a Zariya, kai kana Kano, ga wata ya yi nisa, kuɗin mota ma babu.

Da farko, kada ka bari sai ranar. Sanar da shi tun da sauran kwanaki, kafin ya sa ka cikin lissafin mota da abinci. Kira shi, ko ka je da kanka, domin saƙon waya kaɗai ya yi ƙanƙanta ga maganar aure.

Fara da addu'a: "Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya." Sannan ka faɗi uzurinka a gajarce: "Abokina, ka yi haƙuri, hannuna babu nauyi a wannan watan, ba zan samu zuwa ba." Idan gajiya ce, faɗi haka, ka ce aiki ya cinye ka.

Abin da ya fi ɓata zumunci shi ne ka ce "in sha Allahu zan zo" alhali ka san ba za ka je ba. Zai yi ta duba hanya, yana kiranka. Haka ma ƙirƙiro rashin lafiya, don gobe wani zai gan ka a kasuwa.

In ya ce zai biya maka kuɗin mota, yi godiya. In ba ka so, ce masa hidimar da ke kansa ta isa.

Bayan biki, sa rana ka je yi masa murna, ko da goro ne ka riƙa.