Ku fara lissafin hanya daga ƙarshe

'Yan uwa ɗalibai a nan Samaru, in aka ba ku tambayar neman hanya mafi arha a zane mai matakai, kar ku tsaya jera hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ku fara daga mataki na ƙarshe ku dawo baya.

A kowace tasha ku rubuta lamba ɗaya tak, wato kuɗi mafi ƙanƙanta daga nan zuwa ƙarshe.

f(i) = min [c(i,j) + f(j)]

A nan f(i) ita ce lambar tashar i, c(i,j) kuɗin tafiya daga i zuwa tashar gaba j, min kuma ɗaukar mafi ƙanƙanta.

Ga misali, za mu tashi daga A mu ƙare a F. Daga A zuwa B naira 200, zuwa C 500. B zuwa D 700, zuwa E 600. C zuwa D 100, zuwa E 400. D zuwa F 300, E zuwa F 200.

f(D)=300, f(E)=200.
A wurin B, ta D 1000, ta E 800, sai mu riƙe 800.
A wurin C, ta D 400, ta E 600, mu riƙe 400.
A wurin A kuwa, ta B 1000, ta C 900.

Hanyar ita ce A, C, D, F, naira 900. Wanda ya ruga B don ya ga 200 ya yi asarar 100. Ni ma haka na taɓa yi a jarrabawa.

Dalili kuwa, in ka iso C, yadda ka zo bai canza sauran kuɗin gaba ba, shi ya sa lissafi ɗaya ya wadatar. Ku riƙa sa kibiya kan zaɓin kowace tasha, in ba haka ba za ku samu 900 hanyar ta ɓace muku.

Amma fa in kuɗin gaba ya dogara da inda ka fito, kamar direban da zai yi maka ragi don tun daga A kake motarsa, lamba ɗaya ba ta isa ba. Sai kun raba tashar gida biyu, kowace da tata lambar.