Wanne za ka kunna: kashe ƙara ko barin sautin waje?

'Yan uwa, masu iyafis mai ANC, wato tsarin kashe ƙarar waje, ga yadda abin yake. Akwai 'yar makirfo a jikinsa da ke ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ta ƙirƙiri kishiyar wannan sautin ta tura cikin kunne, su biyun su soke juna. Wannan ya fi aiki a kan gurnani mai zurfi da ba ya canzawa, kamar na janareto ko injin jirgin sama. Maganar mutane da kukan jariri kuwa masu kaifi ne, suna saurin sauyawa, don haka robar da ke toshe kunne ce ta fi rage su. Idan ka kunna ANC gurnanin bai ragu ba, duba robar tukuna. Galibi ta yi wa kunnen kaɗan, sauti na shiga ta gefe.

Shi Transparency, wato tsarin barin sautin waje, da makirfon nan yake aiki, amma maimakon soke sautin waje, shigo maka da shi yake yi.

Ɗauki tafiyar jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Abuja. Kana zaune a tarago, ANC ya dace, domin za ka ji karatu ko waƙa ba sai ka ƙure murya ba, kunnenka ya huta. Da ka sauka za ka tsallaka titi, koma Transparency, ka kuma rage muryar. Ni dai a bakin titi na fi son a cire ɗaya gaba ɗaya, saboda iska na kaɗa makirfon ta rufe ƙarar babur ɗin da ke tahowa ta baya.