Zubin Kankare a Bazara: Kurakuran da Ke Cinye Ƙarfin Dakin Tun Ranar Farko

Duk shekara daga Maris zuwa Mayu sai na ga abu ɗaya yana maimaita kansa a wuraren gini. An zuba dakin, wato rufin kankare, da rana tsaka, kafin la'asar ya yi tauri har ana hawa kansa, mai gida yana murna wai zafi ya taimaka masa, kankarensa ya bushe da wuri. Damina na faɗuwa sai ya fara neman mai maganin yoyo. Na gaji da yi wa sababbin magina da masu gida bayanin nan baki da baki, shi ya sa na zauna na rubuta shi.

Kankare ba bushewa ce ke ba shi ƙarfi ba. Siminti yana haɗuwa da ruwa ne, su rikiɗe su zama wani danƙo mai kama yashi da tsakuwa, kuma wannan haɗuwar tana ɗaukar makonni. Muddin akwai danshi a ciki, ƙarfi na ƙaruwa. Ranar da danshin ya ƙare, aikin ya tsaya kusan inda ya kai. Shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare a kwana 28, kuma a kwana 7 abin da ya samu bai wuce kamar kashi biyu cikin uku ba.

Zafi yana ɓarna ta hanya biyu. Yana ɗauke ruwan kafin siminti ya gama amfani da shi, wannan kowa na iya gani. Ta biyun ce ke yaudarar mutane. Zafi yana gaggauta haɗuwar, sai danƙon ya taru a bayan kowace ƙwayar siminti ya rufe ta, ruwa ya kasa kaiwa cikinta, tsakanin ƙwayoyin kuma ya rage da ƙananan ramuka. Sai ka samu kankare mai tauri a rana ta farko, mai rauni a rana ta 28. Wanda ya yi kwanansa na farko a zafin digiri 38 yakan rasa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, idan aka gwada shi da wanda ya kwana a digiri 23. Ƙa'idojin aiki da yawa sun hana a zuba kwaɓin da zafinsa ya wuce digiri 32, wasu 35. Mu kuwa a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, iskar Afrilu kanta tana haura 40, balle tsakuwar da ta wuni a rana.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne ƙara ruwa a kwaɓin da ya fara tauri. Kowa ya san yadda abin yake faruwa. An kwaɓa, layin leburori ya tsaya saboda tsani ya yi kaɗan ko an tafi cin abinci, kwaɓi ya yi rabin awa a ƙasa ya fara ƙin shebur. Sai birkila ya ɗaga murya: "Kai yaro, kawo bokiti!" A kwara, a juya, ya yi ruwa-ruwa, kowa ya ji daɗin aiki. To, wannan bokitin ƙarfin ginin ya ci. Buhun siminti kilo 50 ne. A kwaɓin da aka saba yi wa dakin, wato buhu ɗaya da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, ruwan da ya dace bai wuce lita 25 ba, jarka ɗaya ke nan, kuma idan yashin jiƙaƙƙe ne sai a rage. Ƙara lita biyar kacal a kan kowane buhu yana iya zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin. Ruwan da ya yi rara ba ya zama komai, fita yake yi ya bar gurbinsa, ta wannan gurbin ne ruwan sama zai bi ya isa ga rodi ya sa masa tsatsa.

Ni ba na jayayya da birkila a kan wannan, jarka nake ajiyewa a bakin injin kwaɓi, in sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai zuba ruwa. Ba a kwaɓa abin da ba za a kwashe cikin rabin awa ba. Wanda ya riga ya daskare a ƙasa, a kai shi inda ba zai ɗauki nauyi ba, ko a zubar. Idan aikin babba ne, akwai maganin da ake ɗigawa a kwaɓi ya sa shi laushi ba tare da ƙarin ruwa ba, akwai kuma mai jinkirta daskarewa, amma a bi ma'aunin da ke jikin mazubinsa. Masu cewa a jefa sukari su rufa mana asiri: gaskiya ne yana jinkirta siminti, amma ya ɗan yi yawa sai kankaren ya yi kwanaki bai kama ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya taɓa cin kuɗina, wato jinkirta ban-ruwa zuwa gobe, sannan a riƙa yayyafi safe da yamma. A wani aiki da na karɓa an gama zubi bayan azahar, na bar wa mai gadi kuɗin ruwa da umarnin ya fara da zarar saman ya kama. Shi kuwa a saninsa ba a taɓa sabon kankare da ruwa sai ya kwana. Da na zo da safe, saman dakin ya tsattsage, gajerun tsagu jere kusa da juna, wasu ƙusa tana shiga. Mai gida bai san mai gadi ba, ni ya sani. Ni na biya kuɗin toshewa da na shimfiɗa abin hana yoyo, ribar aikin duk ta tafi a nan, har yau kuma idan na bi ta layin ba na son ɗaga kai.

Ku yi lissafin da kanku. A ce dakin mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10, kauri santimita 15. Zai ci buhu 110 ko sama da haka kaɗan, ruwan kwaɓinsa kamar lita 2,750. A ranar da ake rana da busasshiyar iska, kowace murabba'in mita tana iya asarar lita ɗaya a awa, kuma wannan shi ne mizanin da injiniyoyi ke cewa daga nan tsagewa ta kusa. Murabba'in mita 120 ke nan lita 120 a awa, kusan jarka biyar. Daga azahar zuwa faɗuwar rana an kusa lita 500, kuma ba daga ko'ina suka fita ba sai daga fatar sama, wadda ita ce ke kare rodi. Saman yana ƙanƙancewa, na ƙasa bai motsa ba, kankaren kuma bai yi ƙarfin da zai jure ja ba, sai ya yage. Duk wannan yana faruwa ne a awannin farko, lokacin da mai gida ke raba wa leburori kuɗi. Ruwan gobe ba ya ɗinke tsagar yau.

Yayyafin safe da yamma kuma yaudarar kai ne. Haba jama'a, ku tsaya ku duba agogo mana! Ruwan da aka watsa da ƙarfe bakwai, kafin takwas babu alamarsa. Sauran awanni goma kankaren a bushe yake yana gasuwa, da yamma kuma a sheƙa masa ruwan rijiya mai sanyi a kan fatar da ta yi zafi, ta ƙanƙance farat ɗaya. Jiƙa da bushewa a jere suna jawo tsagewa, ba su hana ta. Abin da ake so shi ne kada saman ya bushe ko sau ɗaya.

Ga yadda nake yi. Ɓangaren da aka gama gogewa, ba na jiran a gama sauran, ana rufe shi da leda ko tamfol mai haske a danne bakinsa da katako. Baƙar leda zafi take tarawa, ba na sa ta. Da zarar na danna yatsa bai bar alama ba, sai a shimfiɗa buhunan algarara jiƙaƙƙu, a mayar da ledar a kai. Washegari da sassafe a yi ƙaramin dagali da yashi da ɗan siminti a gefen dakin, a rarraba shi fangali-fangali kamar na lambu, a cika da ruwa tsayin santimita biyu zuwa uku. Dakin da muka yi lissafinsa zai sha lita 2,400 zuwa 3,600 a cikar farko, sannan a riƙa ƙari kullum. Wanda zai sayi ruwan nan a hannun 'yan ga-ruwa ya sa kuɗinsa cikin lissafi tun kafin ya sayi siminti, domin a nan ne masu gida ke fara rowa, bayan sun kashe miliyoyi a rodi. Littafi ya ce aƙalla kwana 7. Ni a bazara ba na sauka ƙasa da 14, musamman da yake yawancin simintin da ke kasuwarmu akwai garin farar ƙasa a ciki, ba ya yafe ƙishi a kwanakin farko.

Lokacin zubi ma zaɓa ake yi. Na fi son a fara bayan la'asar a kunna fitila a kai dare, don kankaren ya yi awanninsa na farko cikin sanyi. Masu farawa da asuba su tabbata ƙaramin aiki ne da zai ƙare kafin hantsi, in ba haka ba sun miƙa ɗanyen kankare ga ranar azahar.

Idan ana son sanyaya kwaɓi, a fara da tsakuwa, don ita da yashi ne mafi yawan nauyinsa. Rage musu zafi da digiri biyu yana sauke zafin kwaɓin da digiri ɗaya, alhali ruwa sai an rage masa huɗu. A yi wa tulin rumfa, a jiƙa tsakuwar tun dare ta tsane. Baƙin tankin roba da ya wuni a rana, ruwansa ba na kwaɓi ba ne, a rufe shi ko a ɗebo sabo.

Sauran kurakuran gajeru ne. Busasshen katako yana shanye ruwan kankare, a jiƙa shi da rodin kafin zubi, amma kada ruwa ya kwanta a ciki. Barbaɗa busasshen siminti a sama don ya yi sheƙi ɓawo yake yi ya ɓare. Fila da linta su ake mantawa: a bar musu katakonsu ya ƙara kwana, in an cire a naɗe su da jiƙaƙƙen buhu. Hunturu ma ba hutu ba ne, iskarsa na tsotse ruwa ko babu zafi. Kafinta kuma zai zo yana cewa ai ya bushe, yana son katakonsa don wani aikin. Gorar da ke tallafe da dakin ba na barin a taɓa ta sai bayan kwana 21, ko abin da injiniyan aikin ya ce.

Wanda aka riga aka yi masa zubi yana son sanin inda ya tsaya, ya ɗauki ƙusa mai inci huɗu bayan mako biyu ya karta saman da ƙarfi. Idan ta bar ɗan farin layi kawai, da sauƙi. Idan ta tono gari, yashi na fita, ko tafin hannu ya kwaso ƙura, fatar ta ƙone. A nan kada a rufe da filasta a ɗora bulo. A kira injiniya ya gwada da gudumar gwaji, in ta kama a huda a ciro gunduwa a kai ɗakin gwaji a matse ta, kafin a yi maganar hawa na biyu.